Kwalam ɗin tace furotin da na saya: ya zo da giɓi a sama

Ban so rubuta wannan sharhin da fushi ba, amma wanda zai sayi kwalam ɗin nan na raba furotin bisa girma, mai cin mililita 24, daga dillalin da na saya, ya gwada shi da asiton kafin ya zuba masa furotin ɗinsa. Ni sai da na yi asarar rabin samfurina.

Furotin ɗin da nake aiki a kai nauyinsa kilodalton 45 ne, da jelar histidin shida. Matakan farko biyu sun tafi lafiya lau. Ya kama rezin nikel, na wanke da imidazol milimola 20, na sauko da shi da milimola 250. Daga nan na rage gishirin, na ɗora shi a kwalam ɗin musayar ayon a pH 8, inda yake ɗauke da caji na ragi, na riƙa ƙara NaCl a hankali har ya fito a tudu guda siriri. Abin da ya rage kawai shi ne rabewa bisa girma, don in san ko ɗai-ɗai yake ko ya haɗu bibbiyu, in kuma raba shi da wanda ya dunƙule. Aikin da na sayi kwalam ɗin dominsa ke nan.

A irin wannan kwalam, manya ne ke riga fita, domin ba sa iya shiga ƙofofin ƙwayoyin rezin, ƙanana kuwa sai sun shiga sun fita. Dunƙulallen furotin yakan fito wajen mililita 8, nawa kuma ina jiransa wajen 15. Na zuba rabin mililita, ina tafiyar da bafa rabin mililita a minti. Layin A280, mai auna shan haske a nanomita 280, ya nuna ɗan tudu a mililita 8, wannan ba komai. Amma babban tudun sai ya fito da faɗi, da kafaɗa a gefe, da doguwar jela da ta ja har bayan 17. Duk wanda ya ga wannan zai ce furotin ɗin ne ya rabu gida biyu. Na duba kason tsakiya da na kafaɗar a gwajin jel na SDS-PAGE, layi ɗaya ne a wuri ɗaya, sai dai wannan bai raba gardama ba, tunda SDS yana warware haɗuwar furotin da ɗan'uwansa. Na zubar da kason gefe don tsoron gauraye, kuma nan ne rabin aikina ya tafi.

Wata abokiyar aiki ce ta ce, "Malam, ka zuba asiton ka gani." Asiton ƙaramin abu ne, yana shan haske a 280, ba ya dunƙulewa, don haka dole ya fito a tudu guda mai daidaiton gefe biyu can kusa da ƙarshen kwalam. Na zuba kashi 1 cikin ɗari. Shi ma ya fito da kafaɗa da jela, kamanninsu ɗaya da na furotin ɗin. Idan tudu ɗaya ne ya karkace, a tuhumi samfur. Idan kowane tudu ya karkace iri ɗaya, laifin kwalam ne. Na ɗaga shi a haske, sai ga giɓi tsakanin matatar sama da saman rezin, wuri ne da samfur ke bajewa ya tsarma tun kafin ya fara sauka.

Na aika wa dillalin hoton giɓin da zanen asiton. Amsarsa ta farko ita ce wai na wuce matsin da aka ƙayyade, alhali na'urar tana ajiye tarihin matsi, na kuma tura masa. Sai da aka kai ruwa rana kafin ya canza mini.

Gaskiya ɗaya ce, na biyun yana da kyau. Asiton ya fito siriri, furotin ɗina ya fito a tudu guda dab da inda obalbumin mai kilodalton 44 yake fitowa, ga kuma ɗan ƙaramin tudu kafinsa wajen 13 da rabi, wanda ya dace da masu haɗuwa bibbiyu. Ya raba su yadda zan iya ɗiban na tsakiya da kwanciyar hankali. A kuɗinsa, ban yi zaton haka ba, har na fara tunanin ba shi tauraro huɗu.

Amma da na tuna cewa babu takardar gwaji ko ɗaya a cikin kwalin, na farko da na biyu, sai raina ya sake ɓaci. Kwalam da aka cika a masana'anta ya kamata ya zo da sakamakon gwajinsa, don mai saye ya kwatanta. Ga kuɗin sake noman ƙwayoyin halittar da ke samar da furotin ɗin, da sake bi ta nikel, babu wanda ya biya ni, ko haƙuri ba a ba ni ba. Tauraro biyu na ba shi, kuma na gaba a wani wuri zan nema.