Gargaɗi ga 'yan kasuwar Jos: bashin "kashi 60 a shekara" da ya koma kashi 89

Jama'ar Farin Gada, Taminus da Bukuru, akwai wasu masu ba da bashi da suke bin rumfuna da takardun talla masu ƙyalli. Ba zan kama suna ba, domin maganarmu da su ba ta ƙare ba tukuna. Abin da suka yi wa ƙanena dai zan faɗa, da lissafinsa naira bisa naira, don duk wanda suka zo masa da irin wannan daɗin baki ya gane inda ramin yake.

Ƙanen nawa dillalin dankalin turawa ne, yana saro shi daga Bokkos da Mangu. Bara jarinsa ya karye, sai wani wakilinsu ya same shi a rumfa ya ce: "Alhaji, ruwanmu kashi 60 ne a shekara, wato kashi 5 kacal a wata. Kuma ba za mu dame ka da biyan wata-wata ba, ka juya kuɗinka, in shekara ta cika ka biya gaba ɗaya." Ya karɓi naira 500,000. A lissafinsa, kashi 60 na wannan kuɗi 300,000 ne, saboda haka 800,000 zai mayar. Na san wani zai ce me ya kai shi cin bashi da ruwa tun farko. An faɗa masa wannan a gida, har ya gaji da ji. Ni lissafin ne ya kawo ni.

Da shekara ta zagayo, saƙon da ya shigo wayarsa cewa ya yi 897,928. Ya kira ni hankali a tashe: "Yaya, sun ƙara mini kusan dubu ɗari." Na ce ya kawo takardar da ya sa wa hannu. A shafi na uku, da ƙananan haruffan Turanci, an rubuta cewa ruwan da ba a biya ba a ƙarshen kowane wata za a ɗora shi a kan uwar kuɗi. Wannan layi ɗaya shi ne dubu casa'in da bakwai da ɗoriya.

Ga yadda yake aiki. A watan farko kashi 5 na 500,000 shi ne 25,000. Tunda bai biya ba, kuma su ne suka ce kada ya biya, bashin ya zama 525,000. A wata na biyu ba a kan 500,000 ake cire kashi 5 ba, a kan 525,000 ne, sai ruwan ya zama 26,250. Bambancin naira 1,250 ne kawai, shi ya sa ba wanda yake lura da wuri. Amma ruwan yana haihuwar ruwa kowane wata, har a wata na goma sha biyu ruwan wata guda ya kai wajen 42,758. In ka tara duka, ruwan shekarar 397,928 ne, wato kashi 79.6 cikin ɗari na abin da aka ranta.

To, adadi biyu ke nan a kan bashi ɗaya. Na farko shi ne na suna: ka ɗauki ruwan wata ka ninka sau 12, ka sami 60. Na biyu shi ne na haƙiƙa: abin da bashin zai ƙaru da shi a shekara in an lissafa ruwa a kan ruwa, wato 79.6. Kowa zai iya fitar da na biyun da kalkuletar waya:

```
(1 + 0.05)^12 - 1 = 0.7959
```

In kalkuletarka ba ta da wannan alama, ka ninka 1.05 da kanta har ta bayyana sau goma sha biyu, sannan ka cire 1. Mai kwamfuta kuma ya rubuta wannan a Excel, amsa ɗaya zai gani:

```
=EFFECT(0.6,12)
```

A yi adalci, faɗar adadin suna ba zamba ba ce a karan kanta. Bankuna na amfani da shi domin shi ake rabawa gida 12 a fitar da ruwan kowane wata. Kuma idan ruwan ƙanƙane ne, tazarar ba ta da yawa: kashi 12 na suna kashi 12.7 ne na haƙiƙa. Sai ruwa ya yi tsada tazarar take buɗe baki. Kashi 10 a wata, wanda za a ce maka 120 ne a shekara, a haƙiƙa ya haura kashi 213. Haka kuma da ƙanena yana biyan 25,000 ɗin nan duk wata, da ruwan bai hau kan uwar kuɗi ba, da 800,000 ɗin da ya lissafa ita zai biya jimilla. Ashe "ba za mu dame ka ba" ɗin nan ita ce ƙugiyar.

Abin da ya tabbatar mini ba kuskure ba ne, a bayan takardar tallan nasu na gan shi. Suna da tsarin ajiya, inda suke kiran mutane su kawo kuɗi su ci riba, an rubuta da manyan lambobi: kashi 26.8 a shekara. Na zauna na warware shi. Kashi 2 ne a wata, wanda a adadin suna 24 ne, amma da ruwa a kan ruwa ya zama 26.8. Ka ga sun iya lissafin sarai. In kai za ka ba su kuɗi, sai su nuna maka adadin haƙiƙa domin shi ya fi girma, ya fi jan ido. In su za su ba ka, sai su nuna maka na suna domin shi ya fi ƙanƙanta. Mudu biyu ke gare su, babba na awo in za su saya, ƙarami in za su sayar, duk a takarda ɗaya.

Ban gama ba. Ranar da aka ba shi bashin, 475,000 ce ta shiga asusunsa, an zare 25,000 wai kuɗin cike takardu. Ruwan kuwa a kan 500,000 cif aka lissafa. In ka raba 897,928 da 475,000 ɗin da ta taɓa hannunsa, za ka ga kuɗin ya ƙaru da kashi 89. Daga 60 da aka faɗa masa a rumfa.

Duk wanda suka zo masa, kada ya tsaya musun kashi nawa ne, a nan suka fi ka wayo. Ka tambaye su da naira: nawa zai shiga hannuna yau, nawa zan biya gaba ɗaya, a wace rana? Su rubuta maka. Sannan ka tambaya ko ruwan da ba a biya ba yana hawa kan uwar kuɗi, kuma duk wata ne ko duk mako, domin kashi 60 ɗin nan in duk mako ake ɗora shi ya fi 79.6. Ka nemi jadawalin biya wata bayan wata kafin ka sa hannu. Da muka nemi namu daga baya, wakilin cewa ya yi sai manaja ya dawo daga Abuja, yau mako uku ke nan. Babban Bankin Najeriya yana da jerin ƙananan bankunan da ya ba lasisi, hukumar kare masu saye ta tarayya kuma tana da jerin manhajojin bashi da ta amince da su. Na duba duka biyun, ban ga sunan waɗannan ba.

Yanzu mun biya 800,000 ta banki don shaida ta zauna, mun rubuta musu cewa ragowar 97,928 muna jayayya a kai, mun kuma kai kofen yarjejeniyar da takardar tallan wajen lauya. Wakilin bai fasa yawo ba. Shekaranjiya an gan shi a layin masu tumatir, yana ce wa wata baiwar Allah kashi 4 ne kacal a wata. Wannan a bakinsa 48 ne, a kalkuleta kuwa kashi 60.1.