Gwaji mai gefe ɗaya ko mai gefe biyu: rahusar gonaki 26 da abin da ake biya a madadinta

Ana gab da faɗuwar damana wani ɗalibin aikin gona ya same ni a gida, nan Damagaram, da takardarsa a hannu. Yana so ya gwada sa takin zamani ɗan tsunkule a ramin shukar hatsi, a gonakin ƙauyukan Mirriya, ya ga ko amfanin zai fi na gonakin da ba a sa wa ba. Ya yi lissafi a kwamfuta sau biyu. Na farko ya ba shi gonaki 128, na biyu 102, kuma abin da ya canza a tsakani kalma ɗaya ce kawai. Ya ce: "Malam, tunda kuɗin man babur ya yi min kaɗan, ba sai in ɗauki 102 ba?" Na ce masa: "Zauna tukuna, ɗana, mu duba kayan kafin mu yi ciniki."

Kalmar da ya canza ita ce irin tambayar da gwajin zai amsa. Gwaji mai gefe biyu yana tambaya ne ko akwai bambanci tsakanin gonakin, ƙari ne ko ragi. Mai gefe ɗaya kuwa ƙarin kaɗai yake nema. Idan taki ya rage amfani, a wurinsa daidai yake da bai yi komai ba. A kowanne, mai bincike yana yarda da kasadar kashi 5 cikin 100 cewa zai ce akwai tasiri alhali babu. Mai gefe biyu yana raba kasadar gida biyu, 2.5 sama, 2.5 ƙasa. Mai gefe ɗaya yana tara ta duka a wuri guda, shi ya sa katangar da sakamako zai tsallaka ta fi gajarta: 1.645 maimakon 1.96.

Daga wannan katanga farashin yake fitowa. Yawan gonakin da ake bukata a kowane rukuni shi ne:

```
n = 2 × (z_α + z_β)² × σ² / δ²
```

A nan z_α ita ce katangar nan, δ shi ne mafi ƙanƙantar ƙarin da ya cancanci a gano, σ kuma yadda amfanin gonaki yake warwatse, wata sama wata ƙasa. Ɗalibin ya ɗauki ƙarin kilo 100 a hekta, da warwatsuwar kilo 200. Adadin nan zatonsa ne, daga abin da ya gani a gonakin da ya taɓa aunawa. Yana son ƙarfin gwaji na kashi 80, wato idan ƙarin kilo 100 ɗin gaskiya ne, gwajin ya kama shi sau 8 cikin 10, kuma z_β na wannan shi ne 0.842. Ga mai gefe biyu, 1.96 da 0.842 sun ba da 2.802, a ninka shi da kansa 7.85, a ninka da 2 sannan da 4, wato σ² / δ², ya kama gonaki 63. Ga mai gefe ɗaya, 1.645 da 0.842 sun ba da 2.487, a ninka shi da kansa 6.18, a bi shi kamar na farko, ya kama gonaki 50. Manhajar R tana ƙara ɗaya a kowanne saboda gwajin t take lissafa wa:

```r
power.t.test(delta = 100, sd = 200, power = 0.8)
power.t.test(delta = 100, sd = 200, power = 0.8,
             alternative = "one.sided")
```

Layin farko ya ba da 63.8, wato 64. Na biyu 50.2, wato 51. Rukuni biyu ne, ga 128 da 102 ɗin nan. Masu aiki da manhajar G*Power za su ga zaɓin a akwatin Tail(s), One ko Two.

Rahusar ke nan, wajen kashi 21 cikin 100, kuma ba ta damu da girman aikin ba: ko gonaki 100 ne ko dubu, muddin kasada 5 ce ƙarfi 80, kusan kashi ɗaya cikin biyar za a rage. Idan aka ɗaga ƙarfin zuwa 90, rahusar ta sauka wajen kashi 18 zuwa 19. Mutane da yawa suna zaton rabi ake ragewa, tunda daga biyu aka koma ɗaya. Ba haka ba ne. Kuma ba zan raina gonaki 26 ba. Da ya ƙiyasta jaka 15 a kowace gona, taki da awo da zirga-zirga har girbi, kuɗin sun kai jaka 390. Ga ɗalibi wannan kuɗi ne na gaske.

To, me ake bayarwa a madadi? A nan na fi daɗewa da shi, don ni a ganina nan ne cinikin yake lalacewa.

Na tambaye shi: "Idan ka yi shuka, ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyar, takin nan da ke kusa da iri me zai yi?" Ya yi shiru, sannan ya ce zai iya ƙona tsiron. Duk manomin jigawa ya san wannan, taki ba danshi wuta ne. Ke nan sakamako na iya juyawa baya. A ce bayan girbi gonakin taki sun gaza na sauran da kilo 90 a hekta. Da gonaki 51 a kowane rukuni da warwatsuwar 200, kuskuren awon bambancin wajen kilo 40 ne, sai t, wato bambancin a raba shi da kuskuren, adadin da ake gwadawa da katanga, ta fito -2.27. Mai gefe biyu zai ce wannan ragi ne na gaske. Mai gefe ɗaya zai ba da p, wato adadin da sai ya gaza 0.05 ake cewa akwai tasiri, wajen 0.99, kuma abin da doka ta yarda ɗalibin ya rubuta shi ne: ba a samu shaidar ƙari ba. Ba shi da bakin cewa takin ya cutar, domin tun farko ya sayar da wannan gefen. Alhali manomin Mirriya da zai ci bashin taki, labarin cutarwar ya fi masa amfani a kan komai.

Sai ɗalibin ya ce idan haka ta faru ai sai ya koma mai gefe biyu. Wannan ita ce dabarar da na fi gani a takardu, kuma ba ta halatta ba. Wanda ya tanadi kashi 5 a sama, sannan ya buɗe 2.5 a ƙasa don ko-ta-kwana, kasadarsa ta zama 7.5. Wanda kuwa ya jira ya ga inda sakamako ya karkata sannan ya zaɓi gefe, tasa 10 ce, ninki biyu na abin da ya rubuta. Ana gane irin wannan da sauƙi. Idan na ga takarda ta ce gefe ɗaya, p tana tsakanin 0.025 da 0.05, kuma babu inda aka rubuta dalilin zaɓin kafin a tara bayanai, raina ba ya kwanciya. Ga misali a lissafinmu: ƙarin kilo 72 zai ba da t na 1.82, p na 0.036 a gefe ɗaya, 0.072 a gefe biyu. Hatsin ɗaya ne, damin ɗaya ne, amma nan an ce ya yi tasiri, can an ce bai kai ba.

Akwai kuma asarar da ba a gani sai an makara. A ce ya shuka gonaki 102, ya gama aiki, sai masu duba kundinsa ko mujallar da ya aika wa suka ce su mai gefe biyu suke karɓa. Damana ta wuce, ba a ƙara gona a watan Disamba. Da gonaki 51 a rukuni, ƙarfin gwajinsa a gefe biyu ya sauka daga 80 zuwa wajen 70. Kusan sau 3 cikin 10 ƙarin gaske zai wuce shi. A fannin gwajin magunguna ma an toshe wannan ƙofa: ƙa'idar ICH E9 ta 1998 ta fi son wanda zai yi gefe ɗaya ya sa kasadarsa rabin ta gefe biyu, wato 2.5. Katangar ta koma 1.96, yawan mutanen da ake bukata ya koma daidai, rahusa ta tafi. Wannan ya nuna asalin abin: rahusar ba wata hikimar lissafi ba ce, sassauta shaida ce a gefen da kake so.

Duk da haka mai gefe ɗaya kaya ne mai kyau ga wanda ya dace da shi. Ma'aunina shi ne in tambaya: idan sakamako ya tafi ɗaya gefen, matakin da za a ɗauka zai bambanta da na idan babu bambanci ko kaɗan? Idan amsar a'a ce, gefe ɗaya ya halatta. Mai sayen iri da yake son tabbatarwa cewa tsirowar buhunan da aka kawo masa ta wuce wani mizani, ƙasa da mizanin ko daidai da shi duk mayar da kaya zai yi. Mai duba gyaɗar Matamai don gubar da rima ke jawowa iyaka ɗaya yake kallo. Haka wanda yake so ya nuna cewa hanya mai araha ba ta gaza mai tsada da fiye da wani ƙayyadadden gibi ba. Tambayarsa tun asali fuska ɗaya gare ta. Abin da ba ya zama hujja shi ne "na tabbata zai ƙaru". Da tabbas ne, da ba a kashe kuɗi a gwaji ba.

Na ƙara nuna masa wani abu da ya sa ya ajiye biro. Warwatsuwar 200 da ya ɗauka zato ce. Idan ta gaske 225 ce, kuma a gonakin manoma inda wata ta sha takin gida wata ba ta gani ba wannan ba abin mamaki ba ne, mai gefe ɗaya zai bukaci gonaki 63 a rukuni bisa lissafin da ke sama. Kuskuren kilo 25 kaɗai ya cinye rahusar ƙurmus. Don haka mai neman sauƙin kuɗi, σ ya kamata ya bi, domin ninka ta ake yi da kanta a lissafin. Hanya mafi kusa ita ce a raba kowace gona biyu, rabi da taki rabi babu, a jefa ƙuri'a a kan wane rabi zai samu. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, hannun manomi ɗaya, sai a gwada bambancin cikin gona. Idan rabi biyun suna tafiya tare sosai, a ce dangantakarsu 0.7 a awon da 1 ne cikakkiyar tafiya tare, warwatsuwar bambancin za ta sauka wajen kilo 155, kuma gonaki 21 sun isa a gefe biyu. Dangantakar ma zato ce, shi ya sa na ce ya ƙara a kai, ya kuma bar rata tsakanin rabin biyu don kada ruwa ya kwashe taki ya kai wa maƙwabci.

Ya tashi da gwaji mai gefe biyu, gonaki 30 rababbu, kasada 5, ƙarfi 80. Na sa ya rubuta waɗannan a tsarin bincikensa, da kwanan wata, malaminsa ya sa hannu kafin ruwan shuka ya sauka.