Ka haɗa a farashi ɗaya, ko ka ware ƙunshin daban?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramin shagon waya a Makka, wajen Shari' Mansur. Ribar waya ta yi ƙasa sosai. Wanne ya fi: in ƙara wa waya kuɗi in ce caja da riga da gilashi kyauta ne, ko in bar farashinta yadda yake in sayar da ukun tare da ragi?"

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya yi wa shago albarka. Ga masu saye 'yan gari, hanya ta biyu ta fi, kuma da tazara. Ta farko tana da nata muhallin, zan zo kansa, amma bari mu fara da lissafi don kada ka ɗauki maganata kawai.

Mu ɗauki misali, duka ba tare da harajin kashi 15 cikin 100 ba, sai ka sa naka alƙaluman a gurbinsu. Waya ka saro ta riyal 560, kasuwa tana sayar da ita 600, ribarka 40. Kan caja ka saro 18 kana sayarwa 40, rigar waya 5 kana sayarwa 20, gilashin fuska 3 kana sayarwa 15. Ukun sun tsaya maka a 26, in aka saye su ɗaiɗai kuwa 75 ne, riba 49. Ka lura, waɗannan ƙananan kayan sun fi wayar kanta kawo riba. Yanzu a ce cikin mutum goma da ke sayen waya, biyu ne ke haɗawa da ukun a cikakken farashi ba tare da ka ce musu komai ba. Ribarka a kan goman ita ce 400 ta wayoyi da 98 ta kayan, wato 498. Wannan shi ne ma'auninka. Duk tsarin da bai wuce 498 ba, wahala kawai ka ƙara wa kanka.

A hanya ta farko ka sa wayar 640, ka ce saura kyauta. Komai ya tsaya maka a 586, riba 54 a kan kowane mutum. In duk goman suka saya ka samu 540, ka ci gaba. Amma in mutum ɗaya tak ya juya saboda farashin, tara sau 54 ya zama 486, ka riga ka faɗo ƙasa da inda kake a da. Kuma zai juya, domin farashin waya ba ɓoyayye ba ne. Mutum yana tsaye a gabanka zai duba nawa manyan dillalai irin su Jarir ko eXtra ko noon suka sa, ko ya taka shago na gaba ya tambaya. Abin da zai riƙe a ransa shi ne kai 640 ka ce, maƙwabcinka 600. Kafin ka gama bayanin kyautar ya yi gaba. Ga kuma wanda yake da caja mai kyau a gida. Tun farkon 2025 da Saudiyya ta wajabta USB-C a kan sababbin wayoyi, irin waɗannan mutanen ƙaruwa suke yi, kuma a wurinsu kyautarka tilas ce aka yi musu su biya abin da ba sa buƙata.

A hanya ta biyu wayar tana nan a 600, daidai da kowa, ba wanda farashi zai kora. Sai bayan ya amince da wayar, kana buɗe masa kwali, ka ce: ukun nan ɗaiɗai 75 ne, tare da wayar 55, kuma yanzu zan liƙa maka gilashin. Ribar ƙunshin 29 ce. Mutum biyar suka karɓa, ka samu 145 a kan 400, jimilla 545, wadda ta ɗara abin da hanya ta farko za ta ba ka ko da ba wanda ya gudu.

Sai dai akwai rami a nan da mutane da yawa ba sa gani. Waɗancan biyun da dā suke biyan 75 yanzu 55 za su biya, ka yi asarar 20 a kan kowannensu. Saboda haka in uku kawai suka karɓi ƙunshin, 87 ka samu, ƙasa da 98 ɗin da kake samu kana zaune. Sai daga huɗu ake fara cin riba. Shi ya sa kafin ka fara, ka duba faturorin watan da ya wuce ka ƙirga mutum nawa ne suka sayi kayan haɗi tare da waya. In ka tarar yawancinsu dama suna saye, kada ka yi ragin 20, ka tsaya a 10, ko ka bar ragi gaba ɗaya ka ce liƙa gilashi kyauta. Bayan wata guda ka sake ƙirgawa. Kuma riba za ka duba, ba yawan kuɗin da ke kan fatura ba, don fatura tana iya kumbura alhali abin da ya rage a aljihu ya ragu.

Inda hanya ta farko take da ƙarfi shi ne lokacin aikin Hajji da Umarar azumi. Alhajin da ya zo neman tsaraba, zai saya wa 'yarsa ko ƙaninsa waya, ga motar Jidda tana jira, abin da yake so shi ne leda ɗaya da komai a ciki, farashi ɗaya, kada a je gida a ce babu caja. Tunda Apple ta cire kan caja daga kwali a 2020, Samsung ta bi baya a manyan wayoyinta a 2021, wannan damuwa ce ta gaske, kuma alhazai da yawa ba su san kwalin ba ya ɗauke da shi ba. A nan ƙunshi mai farashi ɗaya taimako ne. Roƙona kawai kada ka kira shi kyauta. Ka ce masa wayar kaza, da kayanta kaza. Baƙon Allah ne, kuma in ya ji daɗi shi zai turo maka 'yan garinsu baɗi. Ka kuma tambaye shi daga ina yake: caja mai ƙafa uku irin ta nan tana shiga soket a Najeriya, amma mutumin Nijar mai ƙafa biyu zagayayyu yake buƙata.

Ko wace hanya ka bi, wurin saro kaya ne kuɗi ke maƙalewa. Caja tana yi wa kusan kowace waya, ba ta tsufa a shago. Riga da gilashi kuwa na samfuri ɗaya ne, ranar da aka daina neman wannan wayar sun zama shara. Don haka ka yi ƙunshi ga samfura uku ko huɗu da suka fi tafiya a shagonka kawai, kuma kada rigunan da ka saro su wuce adadin wayoyin da kake tsammanin sayarwa a wata ɗaya ko biyu. Cajar ma kada ka nemi ta riyal biyar don ƙara riba. In ta yi zafi ko ta lalata batir, wayar 600 za a dawo maka da ita, ba cajar ba.

A fatura ka rubuta wayar a layinta da lambar IMEI, kayan haɗin kowanne a nasa layin da farashin bayan ragi. Ranar da wani ya dawo da waya gilashi na liƙe an riga an yi amfani da shi, wannan rubutun ne zai nuna nawa za ka mayar masa ba tare da jayayya ba.