Murabba'i ko Auna da Ido Wajen Rubutun Bango

Masu rubutun bango a Gombe, wasu da ido suke aunawa. Akwai sauri, amma in bango ya kai mita 4, sai ka ga haruffan ƙarshe sun matse saboda wuri ya ƙare.

Ni dai na fi son murabba'i. Idan rubutun a takarda santimita 20 ne, ka raba shi gida-gida, kowane santimita 1. A bango mai mita 4 kowane gida ya zama santimita 20, tsawo da faɗi, ka ja layukan da zare mai garin alli. Sai ka kwafa gida bayan gida. Kada ka bi layin bulo, don ba murabba'i ba ne, harafin O zai fito a baje.