Fankar sanyaya waya: ta taimaka, amma rage saiti ne ya fi aiki

Wayata mai araha ce, injinta Helio G85 ne da RAM 4GB, bayanta roba. A kanta nake buga PUBG Mobile. Na sayi 'yar fankar nan da ake maƙala wa bayan waya, irin mai farantin da ke yin sanyi da kansa idan an jona wuta, ba mai hura iska kawai ba. Na gwada ta a zafin Afrilu a Kano, lokacin da rana ke kai digiri 40.

Matsalar da ta sa na saye ta ita ce wasa yakan fara sumul, can tsakiya sai hoto ya riƙa tsinkewa, gefen kyamara ya ɗau zafi. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan netwok. Duba lambar ping, wadda ke nuna jinkirin netwok a wasan: idan tana kore amma hoto na sarƙewa, zafi ne. Wayar ce da kanta ke rage gudun injinta don kada ta lalace.

Fankar tana sanyaya waya, wannan gaskiya ne. Zafin batir da nake gani ya wuce digiri 43 ya sauko ƙasa da 40, tsinkewar ma ta ragu. Sai dai dole a cire rigar waya, kuma tana son nata wutar ta USB-C, don haka sai da fawa banki. Maƙalinta a tsakiya yake zama, kan batir, alhali injin da ke haifar da zafin yana sama kusa da kyamara. Idan na matsar da ita sama, sai ta danne maɓallin ƙara. Roba kuma ba ta wuce da sanyi kamar ƙarfe.

Abin da ya fi canza mini wasa kyauta ne. A saitin Graphics na cikin wasan na bar Balanced na koma Smooth, na kashe Anti-aliasing mai gyara gefunan hoto. A Frame Rate na sauko daga Ultra, mai firam 40 a daƙiƙa, zuwa High mai 30. Da farko na ji kamar an rage mini wani abu. Amma 40 ɗin can ba ya ɗorewa, da waya ta yi zafi sai ya riƙa faɗuwa yana tashi, kuma wannan hawa da saukar ce ke ɓata saitin bindiga a lokacin musayar wuta. 30 da ke tsaye daram hannu yakan saba da shi. Na rage hasken allo zuwa rabi, na kuma daina wasa waya na caji, domin caji kansa zafi yake ƙarawa.

Da wannan saitin, da daddare ba na ma jona fankar. Da rana tsaka, ko in ina son komawa Ultra, a nan ne take biyan kuɗinta. Wanda bai taɓa saitinsa ba, ya fara da Smooth da High tukuna, ya buga cikakken wasa; idan har yanzu hoto na tsinkewa, sai ya nemi fanka.