Kafin ka sayi manhajar goge bayanai, duba irin faifan da ke cikin kwamfutarka

Wanda zai sayar da tsohuwar kwamfutarsa yakan goge hotuna da takardu, ya zubar da kwandon shara, ya ɗauka an gama. A gaskiya sunan fayil kawai aka cire daga rajistar faifai, aka kuma rubuta cewa gurbinsa babu kowa. Kamar mai gida ne ya soke sunan ɗan haya daga littafi, alhali kayansa suna jibge a ɗaki har ranar da wani zai tare. Shi ya sa manhajojin kyauta irin su Recuva da PhotoRec suke iya dawo da abin da aka goge, kuma zaɓin Quick Format ma rajistar kawai yake sabuntawa.

Akwai masu sayar da manhajar da suke cewa tana shafe fayil har abada, amma amfaninta ya dogara da irin faifan da kake da shi. A Windows, buɗe Task Manager ka shiga Performance, za ka ga an rubuta HDD ko SSD kusa da faifan.

Idan HDD ne, wato mai faranti da ke juyawa, maganinsa shi ne a rubuta wani abu a kan tsohon bayanin. A nan ne 'yan kasuwa suke cin kuɗin mutane da tallan maimaita rubutu sau 7 ko sau 35. Adadin 35 ya samo asali ne daga binciken Peter Gutmann na 1996, wanda ya shafi fasahar faifan wancan zamani, kuma ƙa'idar NIST SP 800-88 ta Amurka ta nuna cewa rubutu sau ɗaya ya wadatar ga faifan yanzu. A lissafa da faifai mai 1TB da ke rubuta kusan megabait 100 a daƙiƙa: zagaye ɗaya zai ci kusan awa 3, zagaye 35 kuwa ya haura kwana 4 ana ƙona wuta ko man janareta ba tare da wata ƙarin fa'ida ba. Manhajar DBAN tana shafe faifai gaba ɗaya kyauta, haka ma cikakken fomatin na Windows tun daga Vista yana rubuta sifili a ko'ina. Wanda zai ci gaba da amfani da kwamfutarsa, yana son shafe ragowar abin da ya goge kawai, rubuta wannan umarni a Command Prompt na Windows ya ishe shi:

```
cipher /w:C:\
```

SSD, wato mai ƙwayoyin ajiya maimakon faranti, lamarinsa daban ne. Domin kada wasu ƙwayoyin ajiya su mutu kafin wasu, na'urar da ke cikinsa tana rarraba rubutu, saboda haka idan manhaja ta ce a rubuta a kan fayil, sabon rubutun yakan sauka a wani gurbi, tsohon ya zauna inda yake. Akwai kuma wani sashe na ajiyar ko-ta-kwana wanda Windows ba ya ganinsa sam. Tsarin TRIM yana taimakawa wajen share abin da aka goge, amma ba ya ba ka tabbacin lokaci. Don haka a ganina sayen manhajar shafe fayil ɗaya-ɗaya domin SSD asarar kuɗi ce. Abin da ya dace shi ne umarnin da ke cikin faifan kansa, Secure Erase ko Sanitize, wanda ake samu a BIOS na wasu kwamfutoci, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ko a manhajar kamfanin da ya ƙera faifan.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce kulle faifai da mabuɗin sirri tun ranar da aka fara amfani da shi, da BitLocker a Windows ko FileVault a Mac, domin da zarar an lalata mabuɗin, abin da ya rage ba ya karantuwa. Wayoyin iPhone da sababbin wayoyin Android haka suke aiki, shi ya sa mayar da su yadda suka fito daga kamfani yake wadatarwa. Sai dai wannan ba ya taɓa katin memori, kuma katin da filasha suna da irin matsalar SSD, don haka a cire katin kafin a miƙa waya ga mai saye.

Manhajar kuɗi irin ta Blancco tana da muhallinta, musamman ga asibiti ko banki da ke buƙatar takardar shaidar an shafe kowane faifai. Faifan da ya lalace har kwamfuta ba ta ganinsa kuwa babu manhajar da za ta kai gare shi, sai a huda farantin HDD a wurare da dama, a SSD kuma a farfasa kowace ƙwayar ajiya. Duk hanyar da ka bi ga faifai mai aiki, ka saka shi a wata kwamfuta ka bincike shi da PhotoRec, idan ko hoto ɗaya naka ya fito, a sake aikin.