Shinkafar gida ko 'yar waje: abin dubawa kafin ka ɗauki buhu a Jos

Wanda ya shiga Katako ko 'Yan Kwalli neman shinkafa zai tarar da kashi uku a gabansa. Akwai ta kamfanonin gida da ake sarrafawa a Kano, Kebbi da Nasarawa. Akwai 'yar Hausa, wadda mata ke turarawa a kai ta ƙananan injinan casa, irin wadda ke hawowa daga Shendam, Langtang da Lafiya. Sai kuma 'yar waje, ta Tailan ko Indiya, wadda wani mai shagon ba ya fito da ita sai ya ga idon sani. Dukkansu ukun harajin shigo da kaya na cikin farashinsu, har da waɗanda ba su taɓa ganin kan iyaka ba.

Ga yadda abin yake. A 2013 gwamnati ta kai harajin shinkafar waje kashi 110 cikin ɗari, a 2014 aka sauko da shi zuwa kashi 70 ga 'yan kasuwa zalla, kashi 30 ga masu injinan casa a cikin ƙasa. A 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da kaya iri 41, ciki har da shinkafa, samun dala a farashin gwamnati. A 2016 kwastam ta haramta shigo da ita ta iyakokin tudu, sannan a Agustan 2019 aka rufe iyakokin baki ɗaya, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Hujjar ba ta canzawa: mu noma abin da za mu ci, mu adana dala, matasa su samu aiki. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ta yi aiki ta wani ɓangaren. Injinan casa sun yawaita, noman rani ya bunƙasa a Kebbi da Jigawa, shinkafar gida ta gyaru ƙwarai in aka tuna yadda take a da.

Amma a duba wa ke biya. Mu ƙaddara, don lissafi kawai, buhu ya iso tashar jirgin ruwa ta Legas a kan naira 50,000. Harajin kashi 70 ya ɗora masa 35,000, ya koma 85,000 tun bai hau mota ba. Kamfanin gida da buhu ya tsaya masa a 65,000 ba shi da dalilin sayarwa a 68,000, tunda abokin gogayyarsa na can sama. Zai kai shi 78,000 ko 80,000 kuma a saya. Wannan ƙarin ba ya shiga baitulmali, daga aljihun mai saye yake fita ya shiga na mai inji, wani kaso ya gangara wurin manomin da ya sayar da shanshera. Manomin ma ba duka yake mora ba, domin da kaka yake sayarwa lokacin da kaya suka yi araha, ga bashin taki a wuyansa. Mai babban sito shi ke iya jira. Wanda abin ya fi yi wa ciwo shi ne magidancin da ke awon mudu ɗaya kullum, wanda mafi yawan abin da yake samu a abinci yake ƙarewa. Wannan ne ya fi damu na a cikin maganar gaba ɗaya.

To, 'yar waje fa? Yawancin wadda ake gani a kasuwa ba ta Legas ta biyo ba. A Kwatano ake sauke ta, inda harajin bai kai namu ba, sai a bi da ita ta daji, a kan babura da ƙananan motoci, wata ta zagaya ta Nijar. Kuɗin da ka ƙara a kanta rabonsa ake yi tsakanin baitulmalin Jamhuriyar Benin, ɗan fasa-ƙwauri, direba da duk wanda aka sallama a hanya. Ba wai ingancinta kaɗai ka biya ba. Ba ka san watannin da ta yi a sito ba, kuma idan ta fito da matsala babu wanda za ka kama. Ga kuma sauyin buhu: ana juye shinkafar gida mai kyau a buhun waje a ɗinke a ƙara mata kuɗi. Ka duba ɗinkin bakin buhu. Na kamfani layi ɗaya ne miƙaƙƙe, idan ka ga tsofaffin hudojin allura a gefensa, an taɓa buɗe shi. Ka ɗebi kaɗan ka shinshina. Warin rima ko gari-gari a tafin hannu alamar daɗewa ce ko ƙwari sun shiga.

Ga mai sayen abin da iyali za su ci, ainihin zaɓin yana tsakanin ta kamfani da 'yar Hausa, kuma sikeli ke raba gardama. Ɗauki mai sayar da abinci a Taminus da aka yi mata tayin buhu uku masu kilo 50: 'yar waje 85,000, ta kamfani 70,000, 'yar Hausa 60,000. Farashin misali ne, ka sa na ranar da ka je. Ta farko kilo ya tsaya mata 1,700, ta biyu 1,400. Ta uku sai an tsince an rege. A ce tsakuwa da ƙaiƙayi sun cinye kilo 3, saura 47, kilo ya kama kusan 1,280. Har yanzu ita ce mai sauƙi, amma ratar ta ragu, kuma sai an sa aikin regewa da ruwa a lissafi. Mai dafa wa mutum hamsin kullum, wadda tsakuwa ɗaya za ta iya kore mata mai ciniki, ta kamfani ta fi mata. Gidan da ke da hannuwan taya aiki, 'yar Hausa ta fi musu, ga ɗanɗano. Mai tuwo ko masa kuwa fara marar gumi yake buƙata, 'yar waje ba ta da abin da za ta yi masa.

Kada ka ɗauki buhu ba ka sa an ɗora shi a sikeli ba, don ba kowane mai rubutun kilo 50 ne ke cika ba. Kuma ka fara sayen mudu ɗaya ka dafa. A nan za ka ga aukinta, ka ga ko tana yin wara-wara ko caɓewa take. Sabuwar shinkafa da ba ta gama bushewa ba tana da nauyi a sikeli amma ba ta auki, kuma ba ta jure ajiya. Ka ciza ƙwaya ɗaya: busasshiya ƙas take karyewa.

Mai niyyar sayen buhuna da yawa ya ajiye kuma, ya riƙa sauraron abin da ke fitowa daga Abuja. A Oktoban 2023 Babban Banki ya janye wancan takunkumin dala, a Yulin 2024 gwamnati ta sanar da dakatar da haraji na kwana 150 a kan wasu kayan abinci, ciki har da shinkafar da ba a gama gogewa ba. A 2025 farashi ya sauko, masu saye suka numfasa, manoma da masu ƙananan injina suka yi ta kukan asara. Wanda ya cika ɗaki da buhuna a farashin 2024 shi ma asarar ta shafe shi. Don haka in na ci ne a gida, ka sayi na wata biyu ko uku, ka ɗora a kan katako nesa da bango. In ajiya mai tsawo kake so, ka bari sai kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da sabuwa ke shigowa daga kudancin Filato.